Kuran Ba Ya Ƙarewa a Cikin Ampul: Sharhi a Kan Misalin Ruwa da Bututu

Kusan duk wanda ya taɓa zama a gaban malami ko a gaban maigidansa na sana'a domin koyon aikin wutar lantarki a nan Damagaram ya ji wannan magana tun ranar farko, cewa kuran a cikin waya kamar ruwa ne a cikin bututu. Ni ma da ita nake buɗe darasi idan yara masu koyon haɗa wuta suka zo wurina da yamma, kuma ba ni da niyyar daina amfani da ita, domin abin da ido ba ya gani dole a nemo masa abin da ido ya saba gani. Amma shekarun da na yi ina gyara kurakuran ɗalibai sun nuna mini cewa malami da ɗalibi ba ruwa ɗaya suke nufi ba idan an ambaci wannan misali. Malami yana da hoton ruwa mai zagayawa a cikin rufaffen bututu wanda yake cike fal, shi kuwa ɗalibin Damagaram hoton famfon unguwarsu ne yake zuwa masa, kuma daga wannan saɓani ne mafi yawan kuskuren yake tsirowa.

Bari a fara ba misalin haƙƙinsa. Ruwan da ke cikin shato mai tsayin mita 10 yana danna bakin famfon da ke ƙasa da matsin da ya kai kimanin bar 1, ko an buɗe famfon ko ba a buɗe ba. Haka batir mai bolt 12 yake riƙe da ƙarfin turinsa tsakanin kawunansa biyu, ko an jona masa wani abu ko ba a jona ba. Wannan ƙarfin turi shi ne abin da ake kira tansiyo a makaranta, ana auna shi da bolt. Idan aka buɗe famfo, sai a iya ƙirga lita nawa ke wucewa a minti ɗaya, kuma takwaran wannan a cikin waya shi ne yawan kuran da ke wucewa ta wani wuri a daƙiƙa ɗaya, wanda ake aunawa da amper. Siririn bututu mai tsawo yana rage gudun ruwa, siririyar waya mai tsawo ita ma tana yi wa kuran turjiya, ana auna turjiyar da om. Dangantakar waɗannan ukun ita ce dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a shekarar 1827, wadda ɗalibanmu suke rubutawa `U = R × I`, inda U yake nufin tansiyo, R turjiya, I kuma yawan kuran. Har zuwa nan misalin ruwa yana tafiya daidai, kuma yana yin babban aiki guda, wato raba bolt da amper a cikin kan mai koyo. Yaron da ya gane cewa tsayin shato daban, yawan ruwan da ke zuba a bokiti daban, ba zai ƙara cewa bolt 220 sun ratsa jikin mutum ba, zai san cewa bolt turi ne, amper ne ke ratsawa.

Matsalar tana farawa ne daga irin ruwan da muka sani. Garinmu yana zaune a kan duwatsu, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma babu yaron Birni ko Zango ko Garin Malam da bai san zaman jiran famfo ba. Ya san cewa bututu yakan zama fanko, idan ruwa zai zo sai an fara jin iska tana huci kafin a ga ɗigo na farko. Ya san cewa ruwa hanya ɗaya yake bi, daga shato zuwa bido, daga bido zuwa randa, a sha, a yi wanka, a zubar, kuma babu ko cokali ɗaya da yake komawa inda ya fito. Ya san cewa gidan da ke kusa da babban bututu yakan riga na ƙarshen layi samu, wani lokaci ma na farkon su kwashe duka. Duk wannan ilimi ne na gaskiya game da ruwan famfo, sai dai ko ɗaya daga ciki bai dace da kuran a cikin waya ba. Idan malami ya ce kuran kamar ruwa ne ya wuce, yaron yana ɗauko wannan kaya gaba ɗaya ya zuba a kan waya, ya yanke hukunci a ransa cewa batir tanki ne cike da kuran, waya tana kai kuran ɗin wurin ampul, ampul yana cinye shi, abin da ya rage kaɗan ne yake komawa ta ɗaya wayar, idan ma akwai mai komawa.

Wannan fahimta ba ta tsaya a kan takardar jarrabawa ba, tana shiga cikin aikin hannu, kuma na ga inda ta shiga. Wani matashi daga cikin masu koyo a wurina ya haɗa wa gidansu wutar rana a Garin Malam. Ya ajiye batir mai bolt 12 da amper-awa 100 a zaure, kusa da inda wayar pano take saukowa daga rufi, kayan da za su yi amfani da wutar kuma suna ɗakin mahaifiyarsa, tazarar mita 10: ƙaramar talabijin mai aiki da bolt 12, fanka ɗaya da ƴan ampul, jimillarsu kimanin wat 60. Idan aka raba wat 60 da bolt 12 za a samu amper 5. Ya sayi waya mai kaurin milimita murabba'i 2,5 ya ja daga kan batir mai alamar tarawa zuwa ɗakin, da kuɗin suka gaza sai ya yi amfani da wata siririyar waya mai 0,75 da ya samu a gida ta zama hanyar dawowa. Bayan kwana biyu ya zo ya ce mini: “Malam, talabijin tana mutuwa idan an kunna fanka, kuma siririyar wayar tana ɗumi, alhali ita ba ta ɗauke da komai, ai kayan sun riga sun sha kuran ɗin kafin ya iso gare ta.”

Ban ba shi amsa da baki ba, na ce ya ɗauko na'urar awo mu tafi gidan. Muka sa na'urar a ma'aunin amper 10, muka cire wayar tafiya daga kan batir muka tsoma na'urar a tsakani, yadda duk kuran da zai fita sai ya ratsa ta cikinta, muka kunna kayan duka. Na'ura ta nuna kusan amper 5. Muka mayar da wannan waya, muka cire ta dawowa muka yi mata haka, sai ga adadin nan dai bai canza ba, kusan amper 5. Ya sake gwadawa da hannunsa har sau biyu yana zaton ko na'urar ce ta lalace. Abin da ya gani shi ne ƙa'idar da Gustav Kirchhoff ya tsara a 1845, cewa kuran da ya shiga wani wuri a cikin da'ira, wato rufaffiyar hanyar da yake zagayawa, daidai yake da wanda ya fita daga wurin, babu inda yake taruwa kuma babu inda yake ɓacewa.

Daga nan lissafin ɗumin wayar ba shi da wuya. Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita 1 da kaurin milimita murabba'i 1 tana da turjiyar kimanin om 0,0175, turjiyar tana ƙaruwa da tsawo, tana raguwa da kauri. Mita 10 na waya mai 2,5 sun ba da om 0,07, amper 5 da suka bi ta ciki sun ci bolt 0,35. Mita 10 na waya mai 0,75 sun ba da kimanin om 0,23, amper 5 ɗin nan da suka bi ta ciki sun ci kusan bolt 1,2. A hanya kaɗai an yi asarar bolt 1,5, wanda a tsarin bolt 12 ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Da muka auna tansiyo a kan batir mun samu kimanin bolt 12,3, a ɗaki kuma ƙasa da bolt 11, shi ya sa talabijin take mutuwa a lokacin da fanka take tashi, domin injin fanka yana jan kuran fiye da kima a daƙiƙun farko, tansiyon ya ƙara faɗuwa. Siririyar wayar tana mayar da kusan wat 6 zuwa zafi, mai kaurin kuma ba ta kai wat 2 ba. Da ya sa 2,5 a tafiya da dawowa da asarar ta tsaya a bolt 0,7, da ya sa 4 kuma da ba ta kai rabin bolt ba. Abin da ya fi sauƙi a gidan shi ne matso da batir kusa da ɗaki, kuma shi muka yi, muka canza wayar dawowa muka sa ma kan batir fis.

Tambayar da ya yi mini a kan hanyarmu ta komawa ita ce ainihin tambayar, kuma duk ɗalibi mai hankali sai ya yi ta. Ya ce idan amper 5 suka tafi amper 5 suka dawo, to me ampul ya ci, kuma me ya sa batir yake mutuwa da asuba? Amsar tana cikin awo na biyu da muka yi. Amper bai ragu ba, bolt ne ya faɗi a tsakanin bakin shiga da bakin fita na kowane kaya. Abin da ampul yake karɓa shi ne kuzarin da kuran ya ɗauko, ya mayar da shi haske da zafi, shi kuwa kuran ɗin ya wuce ya koma batir. Wat shi ne bolt sau amper, don haka idan amper 5 suka ratsa kaya aka samu faɗuwar bolt 12 a tsakanin kawunansa, kayan yana karɓar wat 60. Kontar da ke jikin bangon gida ma ba amper take ƙirgawa ba, kilowat-awa take ƙirgawa, wato kuzari, kuma kuɗin kuzari muke biya.

A nan nakan ajiye ruwa na ɗan lokaci in kai yara wurin injin niƙa, domin bel ɗin injin ya fi famfo kama da abin da ke faruwa. Bel yana fita daga wurin inji ya je ya juya dutsen niƙa ya dawo, tsawon bel ɗin da ya tafi a minti ɗaya daidai yake da wanda ya dawo, kuma ba wanda zai ce injin niƙa yana cin bel da gero. Duk da haka aiki yana tashi daga inji ya isa wurin niƙa, kuma mai lura zai ga cewa gefe ɗaya na bel ya miƙe ƙam, ɗaya gefen ya ɗan saki. Bambancin miƙewar nan shi ne takwaran bambancin bolt. Idan bel ya tsinke a kowane gefe, na tafiya ko na dawowa, niƙa ta tsaya nan take. Wanda kuma ya nace sai da ruwa, to ya ɗauki ruwan radiyatar mota, wanda yake zagayawa a rufaffiyar hanya, famfon inji yana tura shi, ya tafi ya dawo ba ya raguwa. Wannan ne ruwan da masu kimiyya suke nufi tun asali, ba ruwan ƴan ga-ruwa ba.

Maganar batir tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda kalmomin da muke amfani da su kullum suna ƙarfafa kuskuren. Muna cewa batir ya cika, batir ya zube, an sa masa caji, kamar ana maganar tanki. Abin da ke gudana a cikin waya ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira elektaron, waɗanda J. J. Thomson ya gano a 1897, kuma yawan da ya fita ta kai ɗaya na batir daidai yake da yawan da ya shigo ta ɗaya kan. Batir da ya mutu yana da elektaron daidai da wanda aka cika yanzu. Abin da ya canza shi ne sinadaran ciki. A batir na dalma da asid irin wanda muka fi amfani da shi, yayin da yake ba da wuta, faifan dalma na ɓangarorin biyu suna juyewa zuwa wani gishirin dalma, asid ɗin kuma yana yin rauni yana komawa kusa da ruwa. Shi ya sa tsofaffin masu gyaran batir suke zuƙo ruwansa da ƴar na'urar gilashi su auna nauyinsa su gaya maka ko yana da caji. Pano idan ya samu rana yana tura kuran ta baya ya mayar da sinadaran yadda suke. Batir ya fi kama da injin turo ruwa tare da man da ke cikinsa, kuma man ne yake ƙarewa. Rubutun amper-awa 100 da ke jikinsa yana faɗin yawan kuran da zai iya zagayar da shi kafin ƙarfinsa ya ƙare. A bolt 12 hakan ya kai kimanin wat-awa 1200, amma tun da batirin dalma ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi, abin da za a dogara da shi wat-awa 600 ne, wato kimanin awa 10 ga kayan wat 60. A nan ma hoton tanki yana cutarwa, domin tanki ba ya lalacewa don an kwashe ruwansa tas, batir kuwa idan aka saba sauke shi har ƙasa a bar shi haka, gishirin nan yana daskarewa a jikin faifan, ba ya ƙara narkewa, kuma zafin watan Afrilu da Mayu na garinmu yana gaggauta mutuwarsa.

Akwai wani wuri da misalin yake ɓatar da mutane wanda ko manyan masu sana'a ba su cika lura da shi ba, wato maganar sauri. Idan aka tambayi yaro me ya sa ampul yake kamawa da zarar an danna makunni, sai ya ce ai kuran yana da gudun haske, ya taso daga batir ya isa ɗaki kafin ƙiftawar ido. Hoton da ke kansa na bututu ne fanko wanda ruwa ya shigo da gudu. Amma waya ba ta taɓa zama fanko. Jan ƙarfe cike yake da elektaron masu yawo tun kafin a jona shi da komai, tun yana naɗe a shagon mai sayarwa, kuma yawansu ya kai yadda ba sa buƙatar sauri domin su ba da kuran mai yawa. Amper 1 yana nufin elektaron kimanin biliyan 6 sau biliyan 1 suna wucewa a daƙiƙa ɗaya, duk da haka idan aka yi lissafi ga wayar nan mai 2,5 da take ɗauke da amper 5, tafiyarsu gaba ba ta wuce kimanin milimita 0,15 a daƙiƙa ba, kusan rabin mita a awa guda. Elektaron da ya bar batir a zaure da magariba ba zai kai ɗakin da ke nesan mita 10 ba ko da gari ya waye, sai ya shafe kusan awa 19 a hanya. Tururuwa ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Abin da yake tafiya da sauri shi ne turin, wanda yake ratsa layin da gudun da ya kusanci na haske, sai dukan elektaron da ke cikin da'irar su fara motsi kusan a tare, har da waɗanda suke zaune a cikin ampul ɗin tun jiya. Idan za a nuna wannan da ruwa, sai a cika tiyo fal tukuna, sannan a buɗe famfo, a ga ruwa ya fito ta ɗaya bakin nan take ko da tiyon mai tsawo ne, alhali ruwan da ya fito ba shi ne wanda ya shiga yanzu ba.

Wutar gari ta fi haka nisa da hoton famfo. Kuran da ke zuwa gidajenmu mai bolt 220 ne, kuma mai kai da komowa ne sau 50 a daƙiƙa, don haka elektaron da ke cikin wayar gida ba sa zuwa ko'ina, suna karkarwa ne a wurinsu, tazarar da suke motsawa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Babu wani abu da ya taso daga tashar wuta ya kwararo cikin ɗakin mutum kamar yadda ruwan Ganaram yake isowa randa, amma kuzari yana isowa, kamar yadda zarto yake yanka katako yana kai da komowa ba tare da ya yi tafiya ba. Ko maganar kauri ma misalin bai cika daidai ba: idan aka ninka faɗin waya sau biyu turjiyarta tana raguwa sau 4, siririn bututu kuwa da ruwa ke bi a hankali idan aka ninka faɗinsa sau biyu yana iya wuce da ruwa har ninki 16, saboda ruwa yana gogar bangon bututu, kuran kuma yana bin cikin ƙarfen ne gaba ɗaya. Wannan bambanci bai cika damun mai haɗa wutar gida ba, na kawo shi ne don a san cewa ba a ɗauko lissafin bututu a ɗora wa waya.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne inda kuskuren ya shafi rai. Bututu idan ya fashe yana ba da labarin kansa, ruwa ya malala a titi, kowa ya gani. Waya idan ta tsinke babu abin da yake zuba, domin iska ba ta barin kuran ya bi ta a irin tansiyon gida, sai kuran ya tsaya cak a duk da'irar. Ko kalmominmu sun juye a nan, buɗe famfo yana sa ruwa ya zo, buɗe da'ira kuwa yana tsayar da kuran, kuma na sha ganin ɗalibai suna rikicewa a kan wannan a jarrabawa. Yaron da ya saba da ruwa idan ya ga tsinkakkiyar waya tana lilo, ba tartsatsi ba ƙara, zuciyarsa tana gaya masa cewa babu komai a ciki, tun da babu abin da ke fita. Amma bolt 220 suna nan a bakinta suna jiran hanya, kuma jikin mutumin da yake tsaye a ƙasa, musamman da damina ko a wurin wanki, hanya ce, domin a wurin taransifoma an haɗa wayar dawowa da ƙasa, sai kuran ya bi ta hannu ya sauka ta ƙafa ya koma inda ya fito. Tsuntsun da ya sauka a kan waya ɗaya ba ya jin komai don bai ba kuran hanyar komawa ba. Haka kuma wanda ya ɗauka cewa wayar dawowa ba ta da muhimmanci yakan sa makunni a kanta, ampul ya mutu kamar yadda ake so, amma waya mai wutar tana nan da ranta har cikin mazaunin ampul, ranar da wani ya hau kujera zai canza ampul ya taɓa ta. Makunni a kan waya mai wuta ake sa shi, kuma kafin a taɓa kowace waya sai an gwada ta da abin gwaji, ba a dogara da cewa fitila ta mutu ba.

Hujjar da na fi so in nuna wa masu koyo, bayan awon da muka yi a Garin Malam, tana cikin akwatin wutar gidajen da aka yi wa aiki mai kyau, wato dijonktar nan mai ɗan maɓallin gwaji wadda aka rubuta `30 mA` a jikinta. A cikinta wayar tafiya da wayar dawowa suna ratsa zoben ƙarfe ɗaya, kowace tana haifar da maganaɗisu a cikin zoben, na ɗaya yana soke na ɗayar muddin kuran da ke cikinsu daidai yake. Ko gidan yana jan amper 1 ko amper 15, idan abin da ya tafi shi ne ya dawo, ba ta motsi. Ranar da firiji ya samu rauni a waya, ko yaro ya taɓa abin da bai kamata ba, wani ɗan kaso na kuran ya bi ta jiki da ƙasa maimakon wayar dawowa, sai lissafin ya ƙi daidaita, kuma kafin bambancin ya wuce kashi 30 cikin dubu na amper ɗaya ta yanke wutar cikin ƙasa da daƙiƙa. Da ampul da fanka suna shan kuran kamar yadda ake shan ruwan randa, da wannan na'ura ba za ta zauna a kunne ko na minti ɗaya ba, domin kullum abin da ya dawo zai gaza abin da ya tafi. Matashin nan da na ambata, da na buɗe masa wata tsohuwa da ta lalace ya ga zoben da wayoyin biyu, sai ya tambaye ni ko shi ya sa take faɗuwa a wani gida da ya yi aiki, inda ya ɗauko wayar dawowa ta ɗaki ɗaya daga wani layi daban don ya rage tsawon waya. Na ce masa ƙwarai kuwa, kuran ya fita ta cikin zoben ya koma ta wata hanya da ba ta bi ta zoben ba, na'urar kuma ta ɗauke shi a matsayin wanda ya bi ta jikin mutum. Washegari ya koma gidan ya ja wa ɗakin wayarsa ta dawowa daga bayan dijonktar da ke ba shi wuta, ya danna maɓallin gwaji ta faɗi, ya mayar da ita ya kunna kayan ɗakin duka, ta zauna.